Gurbin da aka bari ba rubutu

A asibitocinmu da yawa, idan ƙarfe takwas na dare ta gabato, za ka ga nas biyu ko uku tsaye a bakin tebur, ɗaya ta riga ta rataya jakarta, ɗaya kuma yanzu ta cire mayafi. Mai tafiya ta gaji, ga yara suna jira a gida, ga mai adaidaita yana ta kira. Mai zuwa ba ta san abin da ya faru tun azahar ba. 'Yan mintunan da za su yi tare su ne miƙa aiki, kuma abin da ya fi ɓacewa a cikinsu shi ne aikin da aka fara ba a ƙarasa ba, musamman wanda aka dakatar da gangan.

A ɗauka an kawo mace mai tsohon ciki da safe, ta yi jijjiga a gida, jininta ya hau sosai. Maganin da ake ba irinta shi ne magnisiyam salfet. A tsarin da aka fi bi a nan, da farko ana ba ta giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu, ana sauya ɗuwawu, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. An fara mata ƙarfe 10:30 na safe, ta haihu kafin azahar, an yi mata ta biyu ƙarfe 2:30. Ta uku sai 6:30.

Sai dai wannan magani yana da sharaɗi. Ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki, don haka idan fitsari ya ragu, taruwa yake yi a cikin jini. Alamar farko ita ce, idan aka bugi ƙasan gwiwa, ƙafa ba za ta zabura ba. Idan ya ƙara yawa, numfashi ya yi rauni, har yana iya tsayawa. Shi ya sa kafin kowace allura ake duba abu uku: numfashi ya kai 16 a minti ɗaya, gwiwa tana zabura, fitsari kuma bai kasa mililita 30 a kowace awa ba.

Ƙarfe 6:30 nas ɗin yamma ta duba jakar fitsari, ta ga mililita 70 kacal a awa huɗu, inda ake son 120. Ta yi abin da ya dace: ta riƙe allurar, ta kira likita, ya ce a dakata a ci gaba da aunawa. Kafin ta rubuta aka shigo da wata mai zubar jini, ta ruga can. Gurbin 6:30 a katin magani ya zauna babu komai.

To ga nas ɗin dare ta buɗe katin. Gurbin nan yana iya nufin abu uku. Ko an manta, ko an yi allurar ba a rubuta ba, ko an hana ta da dalili. Idan ta ɗauka mantuwa ce, za ta yi maza ta cike gibi, ta ƙara wa mai ƙodar da ta gaza maganin da jikinta ba ya iya fitarwa. Idan ta ɗauka an yi, za ta jira 10:30 hankali kwance, ba ta san akwai fitsarin da ya kamata ta riƙa leƙawa kowace awa ba. Katin bai yi ƙarya ba, amma da shi kaɗai ba za ta gane wanne ne cikin ukun ba.

A nan ne harshenmu kan yi mana illa. Mu mutane ne da idan aka tambaye mu ya mai jiki, sai mu ce da sauƙi, ko da ana karanta masa Yasin. A gaisuwa wannan ladabi ne da kyautata zato ga Allah. A bakin tebur ɗin nas kuwa, "gado na huɗu da sauƙi, tana kan magani" bai gaya wa kowa komai ba. Abin da mai karɓa ke bukata ya yi kama da wannan:

"Sista, gado na huɗu ita ce ta fi damuna. Jijjiga ce, ta haihu kafin azahar. An yi mata allurar 10:30 da ta 2:30, ta ƙarshen a ɗuwawun dama. Ta 6:30 ban yi ba, kuma da gangan ne, fitsarinta 70 ne a awa huɗu. Likita ya sani, ya ce kar a yi sai ya dawo daidai. Numfashinta 18, gwiwa tana zabura. Ki auna fitsarin kowace awa. Idan numfashi ya yi ƙasa da 16 ki kira shi nan take, kalsiyam gulukonet yana kan tire kusa da gadon."

Dubi yadda aka jera maganar. Wadda ta fi hatsari aka fara da ita, ba gado na ɗaya ba. An faɗi lokaci da lamba maimakon "ɗazu" da "kaɗan". An faɗi abin da ba a yi ba tare da dalilinsa, sannan abin da za a yi idan al'amari ya juya. Daga nan sai mai karɓa ta maimaita da bakinta: "Wato ba zan yi allura ba sai fitsari ya kai, kuma ta gaba a hagu." Wasu tsofaffin ma'aikata na ganin maimaitawar nan raini ne, kamar ana musu jarrabawa. Ni dai ban san wata hanya mai arha kamarta ba ta kama kuskuren ji tun mai bayani bai fita daga ɗakin ba. Kuma a je bakin gadon a yi, su biyun su ga jakar fitsarin da idonsu.

Masu aikin masana'anta sun san wannan gurbi da mummunan sani. Ranar 6 ga Yuli 1988, a dandamalin haƙar mai na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na ɗaya daga cikin famfo biyu domin a duba shi, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe na wucin gadi. Lokacin tashi ya yi ba su gama ba. Takardar da ta nuna haka ba ta tare da takardar famfon, kuma labarin bai isa ga masu dare ba. Wajen ƙarfe goma saura kwata ɗaya famfon ya tsaya, sai suka kunna wanda aka yi wa aiki, domin a ganinsu lafiyarsa ƙalau. Gas ya tsiyayo, ya fashe, mutum 167 suka rasu. Rahoton binciken Lord Cullen na 1990 ya ɗora laifi mai yawa a kan yadda ake tafiyar da takardun izinin aiki da miƙa aiki a wurin.

Baki kaɗai ba ya isa, domin nas ɗin dare tana da marasa lafiya da dama, kuma ƙarfe uku na dare ƙwaƙwalwa ba ta riƙe lamba. Takarda kaɗai ma ba ta isa, tunda ba a iya yi mata tambaya. Saboda haka kafin nas ɗin yamma ta fita, sai ta koma kan katin, a gurbin 6:30 ɗin nan, ta rubuta cewa an riƙe allura, fitsari mililita 70, an sanar da likita, ta sa lokaci da hannunta. Mai adaidaita zai ƙara jiran minti biyu.