Inda Hatimi Ya Hau Kan Lamba

Ka ɗauki rajistar awon jarirai ta wani asibiti da aka ɗauki hotonta domin shigarwa kwamfuta. A layi na 12, hatimi ya sauka kan nauyin jariri: ana ganin 3 da ɗigo, sauran ya nutse cikin shuɗin tawada. Ko 3.1 ne ko 3.7? Tazarar giram 600 ce, kuma a jikin jariri wannan ba wasa ba ne.

Kada ka cike da ka. Rubuta 3.[?], ka ƙara bayani a gefe: "hatimi ya rufe". Kada ka sa sifili, kada kuma ka bar gurbin fayau, domin mai karatu zai zaci ba a auna jaririn ba ne. Sa hannu da tabon shayi ma haka za ka yi musu. In takardar asali tana nan, koma ka duba ta.