Tef ɗin tela da tumbin ma'aikaci: yadda ake awon ciki da mazaunai, da abin da lissafin ke nunawa

Minna gari ne na masu aikin zaune. A nan hedikwatar hukumar shirya jarrabawa ta NECO take, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da harabarta biyu a Bosso da Gidan Kwano, ga sakatariyar gwamnatin tarayya, ga kuma hadiman manya da ke shafe sa'o'i a mota tsakanin Minna, Suleja da Abuja. Yawancin waɗannan mutane, idan tunanin ƙiba ya zo musu, sikeli suke hawa. Sikeli kuwa nauyi kaɗai yake faɗa, ba ya nuna inda kitsen ya taru, alhali wurin da ya taru shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga, hawan jini da ciwon zuciya. Abin da ke nuna wannan yana rataye a wuyan kowane tela a Kasuwar Kure: tef ɗin awo.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Ana auna kewayen ciki, a auna kewayen mazaunai, sannan a raba na farko da na biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a Geneva a watan Disambar 2008 kan wannan batu, ta fitar da rahotonsu a 2011, inda aka ajiye iyaka: idan sakamakon ya kai 0.90 ga namiji, ko 0.85 ga mace, haɗarin kamuwa da cututtukan da ke tafiya da ƙiba ya ƙaru sosai. Wahalar tana wajen awon, domin kuskuren santimita uku ko huɗu ya isa ya mayar da mai haɗari cikin sahun masu lafiya a kan takarda.

Kuskuren farko daga harshe yake farawa. Idan aka ce wa Bahaushe ya auna ƙugunsa, hannunsa zai tafi inda yake ɗaure wando. Tela ma nan yake aunawa, kuma daidai ne ga aikinsa. Amma mai teɓa a ƙarƙashin tumbi yake ɗaure wando, shi ya sa mutum zai yi shekara goma yana alfahari cewa lambar wandonsa ba ta canja ba, alhali cikin ya daɗe da haurewa ya rataya a kan bel. Wurin da likitoci ke nufi yana sama da nan. Mutum ya sa yatsa a gefen jikinsa ya laluba har ya ji ƙashin haƙarƙari na ƙarshe. Daga nan ya gangara har ya ji saman ƙashin kwankwaso, wato inda hannu ke sauka idan an riƙe ƙugu. Tsakiyar waɗannan ƙasusuwa biyu nan ne wurin awo, kuma yana da kyau a ɗiga alama da biro a gefen jiki. Ga mutane da yawa wurin yana kusa da cibiya, sai dai cibiya ba abin dogara ba ce, don tana sauka ƙasa idan tumbi ya yi nauyi.

Yadda mutum ya tsaya da yadda ya yi numfashi su ma suna canja lamba. A tsaya a miƙe, ƙafafu a haɗe, nauyin jiki a kan ƙafa biyu daidai, hannuwa a sake. A ja numfashi sau biyu ko uku kamar yadda aka saba, sannan a karanta tef ɗin a ƙarshen fitar da numfashi, ba tare da an matso iskar da ƙarfi ba. Kusan kowa yana shanye ciki da zarar tef ya taɓa fatarsa, ba da niyya ba, shi ya sa waɗannan numfashin na farko suke da amfani. Tef ɗin ya kwanta a fata ba tare da ya nutse cikin nama ba, kuma ya zagaya a miƙe, kada bayansa ya yi sama gabansa ya yi ƙasa. Madubi yana taimakawa, amma ya fi kyau miji ya auna matarsa, mata ta auna mijinta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da safe kafin karin kumallo. Wanda ya auna bayan ya tashi daga kan malmalar sakwara, abincin ya auna tare da kansa.

Awon mazaunai ana yin sa ne a wurin da suka fi faɗi, idan aka dubi mutum daga gefe, a kan tufa mara kauri. Kaftani mai sitati, zani mai ninki biyu, walat ko waya a aljihu, duk suna ƙara santimita, kuma ƙarin da aka yi a nan yana rage sakamakon, ya ba mutum kwanciyar hankalin da bai cancanta ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a maimaita kowane awo sau biyu. Idan bambancin bai wuce santimita 1 ba, a ɗauki matsakaicinsu. Idan ya wuce, a sake daga farko. A lura kuma da tef ɗin kansa. Na tela fuska biyu gare shi, inci a ɗaya, santimita a ɗaya. Kowanne aka zaɓa lissafin zai fita daidai muddin an yi awon biyu da fuska ɗaya. Tsohon tef na leda da ya sha ja yakan miƙe, ya riƙa rage lamba, don haka a gwada shi da rula kafin a yarda da shi.

A ɗauki misalin ma'aikaci mai shekara 46, tsayinsa santimita 172, nauyinsa kilo 72. Ma'aunin BMI, wanda ke gwada nauyi da tsayi, zai ba shi 24.3, wato yana ƙasa da 25 inda ake fara cewa nauyi ya yi yawa. Sikeli ya wanke shi ke nan. Ya auna kansa a ofis bayan azahar: ya sa tef inda bel yake ya samu 88, ya auna mazaunai a kan wando da walat a aljihu ya samu 100. Ya raba 88 da 100, ya ga 0.88, ya ce yana ƙasa da iyaka. Washegari da safe aka auna shi bisa ƙa'ida, ciki ya ba da 95 da 95.6, mazaunai suka ba da 98 sau biyu. Matsakaicin ciki 95.3 ke nan, idan aka raba da 98 kuwa sai a samu 0.97. Jikin bai canja cikin dare ɗaya ba, amma mutumin ya tashi daga ƙasan iyaka zuwa can samanta. Irin wannan siffa, siraran ƙafafu da hannuwa da tumbi a gaba, ta yi yawa a ofisoshi, kuma babbar riga tana rufa mata asiri.

Dalilin da ya sa wurin taruwar kitse yake da muhimmanci yana cikin ciki. Kitsen da ke mazaunai da cinyoyi a ƙarƙashin fata yake, kamar ajiya a rumbu, ba ya yawan motsi. Wanda ke cikin ciki kuwa yana lulluɓe da hanji, kuma jinin da ke fitowa daga wurin kai tsaye yake zuwa hanta, ɗauke da maiƙo da sinadaran da ke tayar da kumburi. Hanta ta tara kitse, jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin da ke shigar da suga cikin tsoka, sugan jini ya hau a hankali, maiƙon jini ya lalace, hawan jini ya biyo baya. Wani likitan Faransa, Jean Vague na birnin Marseille, shi ya fara jawo hankali a 1947 cewa ƙibar saman jiki ta fi ta ƙasan jiki haɗari. A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon binciken INTERHEART, wanda Salim Yusuf ya jagoranta a kan mutum kusan 27,000 a ƙasashe 52, ya nuna cewa wannan lissafi na ciki da mazaunai ya fi BMI alaƙa da bugun zuciya.

Sai dai lissafin yana da makanta tasa, kuma ta fi shafar mata. A ce wata ma'aikaciya cikinta 92, mazaunanta 112. Sakamakon 0.82 ne, ƙasa da 0.85, kamar babu damuwa. Amma awon ciki shi kaɗai yana da tasa iyaka: haɗari yana fara ƙaruwa idan ya wuce santimita 80 ga mace ko 94 ga namiji, ya ƙaru sosai idan ya wuce 88 ga mace ko 102 ga namiji. Cikinta na 92 ya haura babbar iyakar, faɗin mazaunai ne kawai ya ɓoye shi a cikin rabawa. A ganina, duk wanda ya rubuta sakamakon rabawa bai rubuta awon cikin a gefensa ba, rabin aiki ya yi. Haka kuma wanda ya rage ƙiba, ciki da mazaunai suka ragu tare, zai iya ganin lambar ba ta motsa ba duk da ya samu ci gaba na gaske. Awon cikin ne zai nuna masa. Dattijo kuma lambarsa na iya hawa saboda tsokar mazaunai ta zube, ko da tumbin bai ƙaru ba. Mai juna biyu da mai jego awon ba ya musu aiki. Cikin da ya kumbura cikin 'yan makonni, musamman tare da kumburin ƙafa ko rama, yana iya zama ruwa ko ƙari, kuma wannan maganar asibiti ce nan take.

Akwai wani abu game da iyakokin kansu. Yawancinsu daga binciken da aka yi a kan Turawa aka samo su, har Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da iyakar awon ciki ta Turai ga mutanen Afirka kudu da Sahara kafin a samu tasu. Saboda haka 0.89 da 0.91 kusan abu ɗaya ne, haɗarin yana hawa ne sannu a hankali, kuma 0.97 ya fi 0.91 nauyi ƙwarai.

Wanda lambarsa ta haura iyaka bai kamu da wata cuta ba tukuna a kan wannan hujja kaɗai. Abin da ta ba shi shi ne dalilin zuwa Babban Asibitin Minna, ko asibitin ƙwararru na IBB, ko duk inda katin inshorar lafiyarsa ta NHIA ya kai shi, ya nemi gwaji uku: awon jini, sugan jini kafin a ci komai da safe, da maiƙon jini. Awon jini da ya tsaya a 140/90 ko sama a ranaku daban-daban hawan jini ne. Suga kafin cin abinci da ya kai 126 mg/dL, wato 7.0 mmol/L, aka kuma maimaita ya sake kaiwa, ciwon suga ne. Ya tafi da takardar da ya rubuta awon ciki, awon mazaunai da kwanan wata, ya kuma ajiye tef ɗin da ya yi amfani da shi, domin da shi zai sake awo a wuri ɗaya bayan wata biyu ko uku. Kitsen cikin ciki yana daga cikin wanda ke saurin raguwa idan aka dage da tafiyar ƙafa da sauri da rage lemon kwalba da shayi mai suga, har awon ciki ya kan sauka kafin sikeli ya nuna wani canji.