Intalok a Hanyar Mota: Guda Nawa Za Ka Saya, Kuma Me Ya Sa Gefe Ke Cin Kaya

Aikin shimfiɗa intalok a gida ya fi tsayawa ne a wuri ɗaya. An shimfiɗe tsakiya tas, daga get har inda mota ke kwana, saura gefe, sai mai aiki ya ce kaya sun ƙare. Maigida ya riga ya auna fili, ya sayi daidai abin da awo ya nuna, don haka abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne an yi masa ɓarna ko an ɗauke wani abu. Sau da yawa babu ko ɗaya. Lissafin ne ya tsaya a kan faɗin fili, alhali gefe yana da nasa lissafin dabam.

Mu ɗauki gida guda mu bi shi daki-daki. Hanyar mota daga get zuwa rumfar ajiye mota tana da tsawon mita 12 da faɗin mita 3. A gefe ɗaya akwai wani ɗan fili na juya mota, mita 4 a jikin hanyar, ya shiga ciki mita 2.5. Hanyar ta ba da murabba'in mita 36, wurin juyawa ya ba da 10, jimla 46. Awon da ake nufi shi ne na tsakanin kab da kab, wato dogayen duwatsun simintin da ake kafawa a gefe su riƙe shimfiɗar. Wanda ya auna daga katanga zuwa katanga ya haɗa da wurin da kab zai zauna. Sannan a tabbata da me ake magana, domin mu nan mun saba da awon ƙafa, masu buga intalok kuwa da murabba'in mita suke sayarwa, kuma murabba'in mita ɗaya ya kusa murabba'in ƙafa 11.

Maigidan ya zaɓi intalok mai siffar bulo, tsawo santimita 20, faɗi santimita 10. Guda 50 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, ke nan 46 sau 50, guda 2,300. Akwai murfin sokawe a tsakiyar hanyar, santimita 60 kowane gefe, wanda ya cinye wurin guda 18. Ba na ba da shawarar a cire su daga lissafi, domin abin da za a yanka a zagaye murfin zai cinye su. Kauri kuma, santimita 6 ya isa ƙananan motoci, amma gidan da tankar ruwa ko tifa ke shiga, a nemi mai santimita 8.

Wannan 2,300 ɗin lissafin filin da ba shi da baki ne. Abin da zai ƙaru a kai ya dogara da yadda aka jera duwatsun.

Jerin da ya fi dacewa da hanyar mota shi ne na ƙayar kifi, inda kowane dutse ke tokare da ɗan'uwansa, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Dalili shi ne tayar mota ba danna ƙasa kawai take yi ba. Idan direba ya taka birki ko ya murza sitiyari yana tsaye, tayar tana tura duwatsun gaba ko gefe, kuma jerin da layukansa suka miƙe zar yakan buɗe da sannu. A ƙayar kifi babu dogon layin da zai buɗe. To amma ana iya jera ta hanya biyu: ko duwatsun su bi layin kab sak, ko a karkata su su zo wa kab a kaikaice, a kusurwar digiri 45. Na biyun ya fi ɗaukar ido, shi ne kuma mai cin kaya.

Idan jerin ya bi layin kab, a kowane santimita 40 na gefe dutse ɗaya ne kawai ke buƙatar yanka, kuma a tsakiyarsa ake yanka shi. Rabi ya shiga nan, ɗaya rabin ya shiga gurbi na gaba, babu abin zubarwa. Sharaɗin shi ne faɗin hanyar ya zo daidai da duwatsun. Mita 3 faɗin dutse 30 ne cif. Idan aka kafa kab a mita 3 da santimita 4, an jawo wa kai aikin yanka siraran ɓalli-ɓalli na tsawon mita 12, waɗanda ba za su zauna ba. Shi ya sa gwanin mai aiki, kafin ya kafa kab na biyu, yakan jera duwatsun a busasshiyar ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan, ya ga inda suka tsaya, sannan ya ja igiyarsa. Wannan gwajin yana da wani amfani: intalok ɗin da ake bugawa da hannu ba koyaushe yake cika awon da aka ce ba, kuma 'yan milimitocin da ke tsakanin dutse da dutse suna taruwa.

Idan kuwa an karkata jerin, labari ya sauya. Layin kab yana ratsa duwatsun a kaikaice, kuma mafi tsawon abin da zai iya ratsawa a cikin dutse ɗaya bai wuce santimita 14 ba. Wato a kowace mita ɗaya ta gefe, aƙalla dutse 7 ne za su sha yanka. Gefen wannan gidan, idan aka zagaye hanyar da wurin juyawa, mita 35 ne. Sau 7, kusan guda 245 ke nan, ban da na zagayen murfin sokawe. A kan kowane dutse, kamar rabinsa ne ke shiga shimfiɗa. Ragowar guntayen masu kusurwa uku ne da makamantansu. Wasu za su sami gurbi a ɗaya gefen, da yawa ba za su samu ba, kamar ƙyallayen da ke zuba a ƙarƙashin keken tela. Idan babu wanda aka sake amfani da shi, an rasa kimanin dutse 120, wato sama da kashi 5 cikin 100 na kayan gaba ɗaya, tun kafin a ƙirga wanda ya fashe a mota, wanda ya tsage wajen yanka, da wanda aka yanka ba daidai ba. Daga nan ne ƙa'idar da aka saba ji ta fito, cewa a ƙara kashi 5 cikin 100 idan jerin miƙaƙƙe ne, kashi 10 idan karkatacce ne ko hanyar tana da lanƙwasa.

Ƙa'idar tana aiki a fili irin wannan, amma kada a ɗauke ta a kai ko'ina. Tsawon gefe ne ke jawo yanka, faɗin fili ba ruwansa. Ɗauki siririyar hanyar ƙafa a bayan gida, faɗi mita 1, tsawo mita 20. Dutse 1,000 take ci, amma gefenta mita 42 ne. A karkataccen jeri, kusan guda 300 za a yanka, asarar na iya kaiwa kashi 15 cikin 100. Babban tsakar gida mai faɗi kuwa, kashi 10 ɗin ya yi masa yawa. Saboda haka duk wanda zai yi maka lissafi, ka tambaye shi ko ya auna zagayen filin.

Maigidanmu ya zaɓi karkataccen jeri. Kashi 10 na 2,300 shi ne 230, jimla 2,530.

Yadda ake yankan ma yana da tasiri a kan wannan adadi. Mai fasa dutse da guduma yana samun baki mai karo-karo, yana kuma ɓata da yawa kafin ya dace. Injin giranda mai faifan yankan kankare yana ba da baki sumul. Sai dai ƙurar da yake tayarwa tana ɗauke da garin yashi mai lahani ga huhu, don haka a riƙa jiƙa dutsen, mai yankan kuma ya rufe hanci da baki. Ina jin takaici idan na ga yaro matashi tsugune cikin farar ƙura tun safe har la'asar ba tare da ko ƙyalle a fuska ba, maigida na tsaye yana kallo. Wani abin lura shi ne girman guntun da ake sakawa. Duk guntun da bai kai kashi ɗaya bisa uku na dutse ba, zai yi ta motsi har ya fita ko ya nutse. Gwani yakan sauya kwanciyar dutse ɗaya ko biyu kusa da gefe don ya sami babban guntu, maimakon ya cusa ƙarami ko ya toshe ramin da kwaɓin siminti. Tosheshen siminti yana tsagewa bayan damina ɗaya ko biyu, kuma da shi ake gane aikin gaggawa. Jera cikakkun duwatsu layi ɗaya a jikin kab, yankakku su biyo daga ciki, yana sa gefen ya fi ƙarfi da kyan gani.

Saura na ajiya, kuma wannan dabam yake da ƙarin yanka. Na yanka zai ƙare a aikin. Na ajiya kuwa don ranar da za a tona bututun ruwa ne, ko baƙin mai ya ɗiga ya ɓata wuri, ko wata babbar mota ta murƙushe bakin get. Alherin intalok shi ne ana ɗaga shi a mayar, amma dutsen farko da za a ciro yakan fashe saboda matsewa. Mutum zai ce ai sai in koma in sayo. Bayan shekara uku, mai bugawar na iya sauya abin bugu, ko ya bar sana'ar. Ko da yana nan, launin ba zai zo ɗaya ba, domin yashi, siminti da garin kala suna bambanta daga bugu zuwa bugu. Murabba'in mita ɗaya, guda 50, ya wadatar da gida irin wannan. Idan launi biyu aka haɗa, a ajiye daga kowanne.

Lissafi ya zama 2,530 da 50, wato 2,580. Tunda da murabba'in mita ake saye, sai a ce a kawo 52, guda 2,600, a bugu ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Kowane dutse ya kusa kilo 3, ke nan kayan sun kai tan 7, abin da ya kamata a sani kafin a yi cinikin mota. Da an sauke, a ƙirga a gaban direba, a ware fasassu gefe guda don su ne za a fara kai wa giranda. A tambayi ranar da aka buga su, domin kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma ɗanyen intalok yana marmashewa a baki wajen lodi da yanka. Wajen shimfiɗawa a riƙa ɗebowa daga tari uku ko huɗu a tare, don ɗan bambancin launi ya watsu maimakon ya taru wuri ɗaya.

Guda 50 ɗin nan a cire su tun ranar farko a kai su ɗakin ajiya, kafin a fara aiki. Idan aka bar su a tari, za su shige cikin yanka ba tare da kowa ya lura ba. A ɗora su a kan katako a inuwa, nesa da jar ƙasa da ke rina su. Ranar da buƙata ta zo, za a ga sun fi na ƙasa haske, tunda rana da taya ba su taɓa su ba. Dabarar ita ce a ciro tsofaffi daga lungun da ido ba ya zuwa, kamar ƙarƙashin rumfar mota, a gyara tsakiyar hanya da su, sababbin kuma a mayar da su lungun.