Tambayar Zaɓi Da Ba Ta Ba Ɗalibi Satar Amsa

Akwai ɗaliban da ke cin jarrabawar zaɓi ba tare da sun buɗe takardar lacca ba. Ba satar amsa suka shigo da ita ba, malamin ne da kansa ya miƙa musu ita a cikin tambayar bai sani ba. Irin wannan jarrabawa, wadda ɗalibai ke kira objektif, ita ake yi a JAMB, kuma ta cika kwalejojinmu na kiwon lafiya. Ƙa'idarta ita ce a ba da zaɓi huɗu ko biyar da duk suke kama da gaskiya, amma ɗaya ya fi sauran dacewa.

Mu ɗauki layi guda daga laccar masu koyon kiwon lafiyar al'umma: yaro mai gudawa da ruwan jikinsa ya fara ƙarewa, amma abin bai yi tsanani ba, ana ba shi ruwan gishiri da sukari a asibiti cikin awa huɗu. Malamin da ke sauri sai ya rubuta: "Wane ruwa ake ba yaro mai gudawa?" Ya jera allura, da maganin tsutsa, da "kada a ba shi komai ko kaɗan", sannan "ruwan gishiri da sukari da aka haɗa da tsabtataccen ruwa, a riƙa ba shi a hankali".

Ko wanda bai taɓa shiga ajin ba zai ci wannan. An ce "wane ruwa", kuma zaɓi ɗaya ne kawai ke ɗauke da kalmar ruwa. Shi ne kuma mafi tsawo, domin malami kan tsaya ya ƙawata amsar gaskiya don kada a kama shi da kuskure, sauran kuwa ya watsa su a gurguje. Kalmomi irin su "ko kaɗan" da "kullum" ma tonon asiri ne, don ɗalibai sun gane cewa da wuya su zo a amsar gaskiya. Idan da Hausa ake jarrabawar, a ƙara lura da jinsi: wanda ya tambayi "wace ce" ya kuma sa sunan mace ɗaya tak a cikin zaɓin, ya gama ba da amsa.

Tushen matsalar shi ne kwafo jumlar lacca a mayar da ita tambaya. Gyaran kuwa shi ne malam ya tambayi kansa: a ina ɗalibin nan zai yi aiki da wannan ilimi? Sai ya kawo masa wurin. "An kawo yaro ɗan shekara biyu, kwanansa biyu yana gudawa, babu jini a ciki. Idanunsa sun faɗa, yana ta rigima, yana shan ruwa da zaƙuwa. Wane mataki ya fi dacewa a fara ɗauka?" Zaɓin: ƙarin ruwa ta jijiya, ruwan gishiri da sukari a asibiti, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sallama gida da shawarwari.

Kowane zaɓi a nan abu ne da ake yi wa yaro mai gudawa, sai dai kowanne da lokacinsa. Ƙarin ruwa ta jijiya na wanda ya galabaita ne har ba ya iya sha. Maganin ƙwayoyin cuta yakan shigo idan an ga jini. Sallama gida ta wanda ruwan jikinsa bai ragu ba ce. Dole ɗalibi ya karanta alamomin kafin ya zaɓi na biyu. A ganina nan ne aikin yake: zaɓin ruɗarwa mai kyau daga kurakuran da ɗalibai ke yi a aji ake samo shi, ba daga abin da ya faɗo wa malam a rai ba.

Hukumar NBME ta Amurka, mai shirya jarrabawar likitoci, tana da gwaji mai sauƙi: a rufe zaɓin da hannu, a karanta tambayar kaɗai. Idan mai ilimin zai iya faɗin amsa a haka, tambayar ta tsayu. Ina ƙara wani gwajin: a ba wanda bai san fannin ba. In ya canka daidai har ya faɗi dalili, akwai ɓaraka.

Bayan jarrabawa kuma sakamako zai yi magana. A ware kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa, a ga wa ya fi cin tambayar. Idan na ƙasa sun kamo na sama ko sun wuce su, a sake duba ta. Zaɓin da bai samu ko kashi 5 cikin ɗari na ɗalibai ba, malam ya cire shi ya nemo wani kafin zango mai zuwa.