GISHIRIN DA KE ƁOYE CIKIN TUKUNYAR MIYA

Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza har Illela, da wuya a sami garin da ba a san wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba. Jiya yana gona, yau ba ya iya ɗaga hannu, bakinsa ya karkace. Wasu sukan ce iska ne, wasu su ce jifa ce. Amma sau da yawa abin da ya kawo haka shi ne hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa jini ya hau kuwa yana cikin tukunyar miyarmu, wato gishiri.

Yadda gishiri ke sa jini ya hau

Duk mai garkar albasa ya san injin ban ruwa da tiyonsa. In aka tura ruwan da ya fi ƙarfin tiyo, sai ya kumbura, wata rana ya fashe, injin kuma ya gaji. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. Cikin gishiri akwai wani sinadari da ake kira sodiyom, shi ne ke riƙe ruwa a jiki. In gishiri ya yi yawa, ruwan da ke cikin jini sai ya ƙaru, zuciya ta dinga turawa da ƙarfi. Shekara da shekaru ana haka, jijiyar ƙwaƙwalwa tana iya fashewa ko ta toshe, zuciya ta gaji, ƙoda ta lalace.

Hawan jini ba ya yin sallama. Mutum yana iya ɗauke da shi shekaru bai ji ko ciwon kai ba. Awo kaɗai ke nuna shi. In ma'aikacin lafiya ya ce awon ya kai 14 da 9, wanda wasu ke rubutawa 140 da 90, aka sake awo wata rana aka sami haka ko fiye, to jini ya hau.

Nawa ne ya ishi mutum?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Giram 5 shi ne cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a shafe, ba da tozo ba. Wannan na yini ɗungum ne, tun daga karin kumallo har tuwon dare. Rabon yara kuma bai kai haka ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dunƙulen miya, wanda muke kira magi ko jimbo, wajen rabinsa gishiri ne. Babban dunƙule yana da nauyin giram 10, ke nan akwai gishiri wajen giram 5 cikinsa. Dunƙule ɗaya tak ya cinye rabon mutum na yini.

Mu yi lissafin tukunya ɗaya

Mu ɗauki misalin gida mai mutum 10. Uwargida ta ɗora miyar kuka ta dare. Ta marmasa manyan dunƙule 4, ta zuba gishiri babban cokali 2. Dunƙule 4 sun ba da gishiri giram 20. Babban cokali ɗaya yana ɗaukar ƙanana 3, wato giram 15, biyu ke nan giram 30. In aka haɗa, tukunyar tana ɗauke da giram 50. A raba wa mutum 10, kowa ya ci giram 5.

To, ga shi a cin abinci ɗaya kowa ya cika rabonsa. Ba mu lissafa ƙosan safe da yajinsa ba, ba mu lissafa shinkafa da wake na rana ba, balle tsiren da maigida ya tsaya ya ci a tasha. Yajin da ake barbaɗawa kuwa galibi an daka shi da gishiri da dunƙule.

Akwai kuma kanwa. Ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, amma sodiyom ne cikinta. Haka ma farin magi. Wadda ta rage gishiri ta ƙara farin magi ko kanwa, ba ta tsira ba.

Yadda za a rage ba tare da miya ta yi lami ba

Ba mu ce a daina sa gishiri rana ɗaya ba. In aka yi haka, maigida zai ture akushi, yara su ƙi ci, gobe a koma gidan jiya. Harshe yana sabawa, amma sai an ba shi ƴan makonni.

Matakin farko shi ne a daina ɗibar gishiri da hannu, a ajiye cokali ɗaya na awo. A makonni biyu na farko, uwargidan nan ta sa dunƙule 3 da gishiri cokali ɗaya da rabi. Makonni biyu na gaba ta koma dunƙule 2 da cokali ɗaya. Daga nan ta tsaya kan dunƙule ɗaya da cokali ɗaya. Yanzu tukunyar tana ɗauke da giram 20, kowa ya sami giram 2 maimakon 5. Kuɗin dunƙule 3 kuma ya rage mata a hannu kowace rana.

Me zai cike gurbin ɗanɗano? Allah ya hore mana shi a ƙasarmu. Albasar Galmi ta yi suna har ƙasashen waje, kasuwar Tsarnawa cike take da ita. A soya albasa da yawa a hankali har ta yi ja, ita ce ke ba miya zaƙi. In ɗanya ta yi tsada, ga gabu. A ƙara daddawar kalwa ko ta batso, da tafarnuwa, da citta, da masoro, da tattasai, da tumatir. Ɗan tsamin yakuwa ko na tsamiya ko na lemun tsami shi ma yana tada ɗanɗano. Sai dai a ɗanɗana daddawar kasuwa tukuna, don wasu masu yi suna zuba mata gishiri. Kifin da aka busar da gishiri kuma a jiƙa shi, a zubar da ruwan. Wake a jiƙa shi tun da dare, zai nuna ba sai an cika masa kanwa ba. A ƙarshe, a sa gishiri sai miya ta kusa sauka, bayan an ɗanɗana, kuma kada a kawo wani gishiri gaban masu ci.

Abin da ya kamata a kiyaye

Ɗan gishirin da za a sa, ya zama mai sinadarin iyod, don shi ne ke tsare mu daga maƙoƙo. Yaron da ke zawo kuma a ci gaba da ba shi ruwan gishiri da sukari kamar yadda aka koya mana, wannan magani ne, ba ya cikin wannan lissafi.

Rage gishiri yana saukar da jini, amma ba ya maye gurbin magani. Wanda likita ya ɗora kan ƙwayoyi, kada ya bari don ya ji sauƙi. Mai ciki da ta ga fuska da hannuwa sun kumbura, ko kai yana sara mata, ta tafi awo ba da jinkiri ba. Wanda kuma bakinsa ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe masa, a kai shi asibiti nan take, ko na Ƙonni, ko na Galmi, ko wanda ya fi kusa.

Muna kira ga kowane ɗalibi na ajin yaƙi da jahilci ya ƙirga dunƙulen da aka sa a miyar gidansa yau da dare, ya rubuta a littafinsa, ya yi lissafin rabon kowa. Ranar kasuwa mai zuwa kuma ya biya gidan likita a auna jininsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.