Intanet ta wayar wuta: ta yi mana aiki a Dutsin-Ma, ta ƙi a Kurfi

Mu shida ne muke haya a wani gida a cikin garin Dutsin-Ma, dukkanmu ɗaliban Jami'ar Tarayya. Mun haɗa kuɗi mun sayi rauta mai layin waya, muka ajiye ta a ɗakin gaba saboda nan ne sabis ya fi ƙarfi. Sai dai kafin wayifai ya ratsa bango uku na bulo ya kai ɗakunan baya, ya riga ya galabaita. Da muka yi maganar jan kebul, mai gida ya ce ko ƙusa ba za a buga masa ba, balle a huda bango. Ga kuma jarrabawa tana ƙaratowa.

Wani ɗan ajinmu ne ya kawo shawarar fawalayin adafta. Wasu 'yan na'urori ne guda biyu, kowace ba ta fi sabulun wanka girma sosai ba. Ana sa ɗaya a soket kusa da rauta, a haɗa su da gajeren kebul ta ramin da aka rubuta LAN. Ɗayar kuma a sa ta a soket ɗin ɗakin da ake buƙatar intanet. Wayar wutar da ke cikin bango ita ce za ta zama kebul ɗin. Wutar gidajenmu tana kaɗawa sau 50 a sakan ɗaya, su kuwa na'urorin suna ɗora nasu saƙon a kan wayar da kaɗawar da ta kai miliyoyi a sakan, don haka ba sa cakuɗewa. Tsarin da yawancinsu ke bi, HomePlug AV, ya fito tun 2005.

Haɗawar ba wuya. Mun fara sa su duka a ɗaki ɗaya, muka danna maɓallin Pair na ɗaya, kafin minti 2 ya cika muka danna na ɗayar. Wannan dannawar ce ke ba su makullin sirri nasu na kansu, kuma a gidan haya da ake raba mita ɗaya da maƙwabta bai kamata a tsallake ta ba. Fitilar tsakiya, wadda ke nuna sun ga juna, ta kama. Da muka kai ta biyun ɗakin baya kuwa, sai ta mutu. Laifinmu ne: mun sa ta a istansha mai kariyar hauhawar wuta, wadda ke tace saƙon kamar datti. Haka istabilaiza ma take yi. Muna mayar da ita soket ɗin bango kai tsaye, fitila ta dawo. Mun kuma lura duk sanda aka sa wata cajar waya mai arha kusa da ita, gudun yana raguwa.

Lambar da ke jikin kwali kada ta ruɗi kowa. Tamu an rubuta 600, amma ramin kebul ɗinta ba ya wuce megabit 100, kuma tsawon waya da tsufanta suna ƙara cinye gudun. Mu dai ya ishe mu sauke takardun darasi da kallon lacca.

Da hutu ya zo, ɗaya daga cikinmu ya ari na'urorin ya tafi da su gidansu a Kurfi, muka bi shi ranar Asabar don mu nuna gwaninta. Rauta tana sashen mahaifinsa, ɗakin samari yana can zaure. Fitilar wuta ta kama a duka biyun, ta tsakiya shiru. Muka dawo da su ɗaki ɗaya, suka ga juna nan take, wato lafiyarsu lau. Sai muka riƙa matsar da ta biyun soket bayan soket, har muka gano iyakar inda take mutuwa: daidai ƙofar sashen.

Mai gyaran wutar gidan ne ya warware mana. Ya nuna mana cenjoba a bango, ya ce: "Ai sashen Alhaji yanzu yana kan sola ne, zaure kuma yana kan wutar gari. Wuta biyu ce, ba su haɗu ba." Idan an juya cenjoba, wayoyin ɓangarorin biyu sun rabu ke nan, saƙo ba shi da gadar da zai haye. Ya ƙara da cewa ko a gidan da ke kan wutar gari gaba ɗaya, in layi uku aka shigo da shi aka raba wa ɗakuna, soket biyu za su iya faɗawa kan layi daban-daban, a nan kuma saƙon kan yi rauni ƙwarai ko ya ɓace.

Don haka kafin a fitar da kuɗi, a tambayi mai gyara ko soket ɗin biyu layinsu ɗaya ne a kowane lokaci, har da sanda aka koma janareta ko inbata. A duba bayan rautar ma: ƙaramar ta aljihu ba ta da ramin LAN, ba inda za a haɗa. In an ɗauke wuta kuwa, na'urar ba ta da batir, tare suke tafiya. A Kurfi dai Alhaji ya yarda aka ja kebul ta saman katanga, mu kuma muka dawo da kayanmu Dutsin-Ma.