Mai Turo Kuɗi da Mai Kwana da Hajiya

Idan hawan jini ya kayar da tsohuwa, ɓarin jikinta ya shanye, a makon farko asibiti cika yake da 'ya'ya da jikoki da kwanukan abinci. Ana sallamo ta, sai kowa ya kama gabansa, jinya ta faɗa kan mutum ɗaya: matar ɗan da ke zaune a gidan gado, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida.

A ɗauki gida mai 'ya'ya huɗu a Kano. Yaya babba yana Abuja, duk wata yana turo kuɗi, hankalinsa kwance. Mata biyu suna gidajen mazansu, sai Juma'a su leƙo da lemo da ayaba. Auta ne a gidan, shi kuma kasuwa yake wuni. Ashe matarsa ce mai jinyar, ita da ba Hajiya ta haife ta ba.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Wadda ba ta iya motsi sai an juya ta kusan duk awa 2, har cikin dare, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito mata a ƙugu, ƙasan gadon baya ko dunduniya. A baƙar fata ba ja wurin yake fara yi ba. Duhu yake ƙarawa, ya yi ɗumi ko tauri. Kunu ma sai an zaunar da ita sosai kafin a ba ta, domin yawan ƙwarewa na kai abinci huhu ya jawo namoniya. Ga wanka, ga wankin zannuwa, ga maganin hawan jini da ba a tsallake rana. Mace ɗaya mai goyo ba za ta iya wannan wata da watanni ba, komai haƙurinta.

A fiƙihun Malikiyya, ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne kan 'ya'ya masu hali, maza da mata. Hidimar suruka ga uwar miji kuwa kyautatawa ce, wadda mutane suka mayar tamkar bashi.

Gyaran yana farawa da zama ɗaya, a lissafa darare kamar yadda ake lissafa naira. Mako dare 7 ne: 'yan'uwa matan su ɗauki bibbiyu da yardar mazansu, gidan auta ya ɗauki uku, shi kansa ya riƙe kai ta asibiti da gashin ƙashi. Na Abuja da ba ya kwana ya ɗauki kaso mafi tsoka na magani da kunzugun manya, ya biya mai taya aikin rana. A ajiye littafi kusa da gadon Hajiya, a rubuta kuɗin da ya shigo, abin da aka saya, da lokacin da ta sha magani, don kada mai karɓar kwana ta maimaita ƙwayar da aka riga aka ba ta.